'Yar Tsanar Hauwa

Gatanan, gatananku.

An yi wata yarinya mai suna Hauwa, wadda mahaifinta ya sayo mata 'yar tsana mai jar riga da ɗankwali ranar da ta cika shekara 5. Hauwa ta ƙaunace ta ƙwarai, har ta hana kowa taɓa ta.

Da ƙanwarta Amina ta miƙo hannu, sai Hauwa ta ɓoye 'yar tsanar a bayanta, ta ce, "Tawa ce ni kaɗai!" Amina ta koma gefe tana share hawaye.

Hauwa ta zauna wasa ita kaɗai, amma wasan bai yi mata daɗi ba, domin babu wanda zai taya ta goya 'yar tsanar, kuma babu mai rera mata waƙar barci. Can sai ta dubi Amina, tausayinta ya kama ta, ta ce, "Zo, ƙanwata, ki ɗaura mata ɗankwali, ni kuma in yi mata shimfiɗa."

Suka yi ta wasa suna dariya har dare ya yi. Da Umma ta leƙo, sai ta tarar barci ya kwashe su, 'yar tsanar tana kwance a tsakaninsu.

Ƙurunƙus.