Abubuwan da za ka bincika kafin ka tura kuɗin wayar nan

Ƙanena, na duba hotuna shida da mutumin ya turo maka na iPhone ɗin da ya ce yana da ita a Riyad, sabuwa a kwali, a kan riyal 2,300, kuma na ga yana neman kafin alƙalami na riyal 500 kafin ya aiko maka da ita Madina. Duk hotunan na talla ne, irin waɗanda kamfani ke ɗauka a kan farin fage, babu ko ɗaya da ya nuna cewa wayar tana hannunsa. Ka bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk inda ya gaza ka tsaya a nan.

1. Ka fara gano asalin hotunan. Ka saka kowannensu a Google Lens, domin idan ya fito a shafin kamfani ko a tallan wasu mutane daban a Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya, to abin da ya nuna maka kowa yana iya samunsa ba tare da ya taɓa riƙe wayar ba.

2. Ka nemi hoton da ba za a iya ɗaukowa daga wani wuri ba. Wannan shi ne ginshiƙin binciken, kuma a kansa nake so ka fi dagewa. Ka ce ya rubuta kwanan watan yau da wata kalma da kai ka zaɓa a ’yar takarda da hannunsa, ya ajiye ta a gefen kayan, ya ɗauki gaba da baya da kuma takardar da ke manne a kwali. Bayan haka ka buƙaci kiran bidiyo kai tsaye, kana faɗa masa abin da zai yi a lokacin: ya juya kwalin, ya matso da lambobin kusa, ya ɗaga shi zuwa haske. Bidiyon da aka riga aka ɗauka ba ya wadatarwa, saboda shi ma ana kwafo shi, kuma ana iya gyara hoto a saka masa rubutu. Wannan aiki ba ya cin minti biyar ga wanda kayansa ke gabansa. Idan ya ce kyamararsa ta lalace, ko kayan suna sito, ko suna wurin abokin cinikinsa, ka ɗauka cewa ba shi da su har sai ya nuna akasin haka.

3. Ka gwada lambobin da juna. Kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda take fitowa idan an danna `*#06#`, kuma dole ta zo daidai da wadda ke jikin kwali da wadda ke cikin Settings > General > About. Ita kuwa lambar siriyal, ka shigar da ita a checkcoverage.apple.com ka ga ko samfurin ya dace da abin da ya faɗa. Idan ya ce sabuwa ce amma shafin ya nuna garantinta ya daɗe da farawa, to an taɓa kunna ta. Sai dai kada wannan shafi ya ruɗe ka, domin masu yin jabu suna kwafar siriyal ta gaskiya su buga a kwalaye da yawa. Shafin yana tabbatar da cewa akwai waya mai wannan lamba a duniya, ba ya tabbatar da cewa ita ce za ta iso hannunka. Yawancin jabun iPhone da Android suke aiki, an yi musu kwalliya kawai, kuma asirinsu yakan tonu idan aka buɗe App Store ko aka yi ƙoƙarin shiga iCloud.

4. Ka tambayi faturar saye, wato rasidin ciniki. Faturar shago mai rajistar haraji a ƙasar nan tana ɗauke da lambar haraji mai alƙaluma 15 da harajin kashi 15 cikin 100 da lambar QR, wadda za ka iya dubawa da manhajar ZATCA, wato hukumar zakka da haraji da kwastam. Ka duba ko an rubuta siriyal a jikinta, kuma ko ita ce ta wayar.

5. Ka san da wa kake ciniki. Idan ya ce shago ne, ya ba ka lambar rajistar kasuwancinsa ka bincika ta a shafin Ma’aikatar Kasuwanci, ka kuma duba ko an tantance shagon a dandalin Cibiyar Kasuwanci ta Saudiyya. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba mai saye damar fasa ciniki cikin kwana 7 da karɓar kaya matuƙar bai yi amfani da su ba, ban da wasu nau’o’in kaya da aka ware, amma wannan haƙƙi yana da amfani ne idan akwai sanannen wanda za a kama. Idan kuwa mutum ne shi kaɗai, ka duba daɗewar asusunsa da abin da masu saye na baya suka rubuta a kansa. Ka ce mini ya yi maka Hausa, ya kira ka ɗan’uwa, har ya rantse cewa kayan “asli” ne. Na san daɗin jin harshen gida a ƙasar mutane, amma da wannan daɗin ne ake yawan cutar mutanenmu, kuma mai gaskiya ba ya jin haushi don ɗan’uwansa ya nemi shaida.

6. Ka kwatanta farashi da na manyan shaguna biyu ko uku. Ragi mai yawa yana buƙatar dalilin da za a iya dubawa, kuma “ina sauri ne zan yi tafiya” ba ya cikin irin wannan dalili.

7. Ka lura da inda kuɗin za su shiga. Lambar IBAN ta Saudiyya tana farawa da SA, kuma sunan mai asusun dole ya zama sunan shagon ko na mutumin da kake magana da shi. Idan ya ce ka tura asusun direbansa ko na surukinsa, ka janye, domin ’yan damfara suna amfani da asusun wasu don ɓatar da sawu, kuma kuɗin da ka tura da hannunka suna isa nan take, dawo da su yana da wuya ƙwarai. Kada ka biya ta wani mahaɗi da ya turo maka da sunan kamfanin jigila, kada ka faɗa wa kowa lambar sirrin da banki ya aiko maka, kada kuma ka amince da wata buƙata wadda ba kai ka fara ta ba a Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum.

8. Ka zaɓi hanyar da za ka ga kaya kafin kuɗi su fita. Abin da na fi so shi ne ka wakilta wani amintacce a Riyad ya haɗu da shi a bainar jama’a, a buɗe kwalin a gabansa, a kunna wayar, a saka mata layi, a tabbatar ba a kulle take da iCloud ɗin wani ba, sannan a biya. Ledar kwali ba shaida ba ce, domin ana sake liƙe ta. Biya a lokacin karɓa ma yana da gyara, saboda ɗan aike sau da yawa ba ya barin a buɗe kunshi sai an biya, don haka ka tambayi wannan tun kafin ku shirya. Game da riyal 500 da yake nema, ra’ayina shi ne kada ka ba shi ko riyal ɗaya.

9. Ka adana komai tun yanzu: tallan, lambar wayarsa, saƙonninku, lambar asusun, da wurin da ya rubuta cewa kayan na asali ne. Idan ciniki ya ɓaci, ka fara kiran bankinka nan take, sannan ka kai rahoton damfara ta manhajar jami’an tsaro ta Kollona Amn. Idan kuma shago ne ya sayar maka da jabu, ka kai ƙara Ma’aikatar Kasuwanci ta lamba 1900.

Ka tura masa buƙatar hoton da ke lamba ta 2 yau, ka ba shi zuwa bayan sallar isha’i, sannan ka turo mini amsarsa kafin ka ƙara ce masa komai.