Jadawalin Karatun Jarrabawar Ƙarshe: Difloma a Gudanar da Kasuwanci

Litinin 17 ga Nuwamba zuwa Lahadi 14 ga Disamba, 2025. Kwafi ɗaya a bangon ɗaki a Anguwar Rogo, ɗaya a aljihun tebur a shago.

Jarrabawa: Gudanarwa, Litinin 15 ga Disamba. Akantin, Laraba 17. Dokar Kasuwanci, Juma'a 19. Maketin, Asabar 20.

Sharaɗin farko: abu mai wuya da asuba, mai sauƙi da dare. Zangon da ya wuce na bar akantin sai bayan Isha'i, na yi ta gyangyaɗi a kan kalkuleta, da kyar na tsallake. Wanda ya wuni a tsaye yana ƙirga katan ba ya daidaita lissafi da ƙarfe goma na dare.

LITININ ZUWA ALHAMIS

4:30. Tashi. Ruwan zafi na cikin fulas tun dare, don sanyin Jos a wannan watan ya isa hujjar komawa bargo.

4:40 zuwa kiran sallah. Maimaita na jiya, littafi a rufe.

5:50 zuwa 7:00. Akantin kaɗai, kullum. Ba karantawa ba, yi da biro: tambaya biyu daga na shekarun baya, agogo a gabana. Waya tana caji a falo.

7:15. Keke zuwa Terminus. Katunan aljihu goma, tambaya a gaba, amsa a baya.

8:00 zuwa 5:00. Aikin Alhaji. Ba na buɗe littafi a gaban kwastoma. Minti 15 bayan Azahar nawa ne, na katunan nan.

Magariba zuwa Isha'i. Abinci da yara. Babu karatu.

8:15 zuwa 9:30. Litinin da Laraba, Gudanarwa. Talata, Doka. Alhamis, Maketin. In babu wuta, akwai fitila mai caji, a riƙa cajinta a shago.

10:00. Barci, ko an gama ko ba a gama ba.

JUMA'A

Safiya kamar kullum. Daga masallaci sai lakca, 3:00 zuwa 6:00, Alhaji ya amince. Daren hutu ne.

ASABAR DA LAHADI

Asabar lakca 9:00 zuwa 2:00, sannan awa biyu da 'yan ajinmu huɗu a nan makaranta. Kowa ya zo da tambaya uku. Hirar ƙwallo sai an tashi.

Lahadi 9:00 zuwa 12:00, cikakkiyar takarda ɗaya kamar a zauren jarrabawa. Bayan La'asar na duba inda na faɗi. Ɗaurin aure: a je, a yi fatiha, a dawo.

MAKO NA 1 (17 zuwa 23)

Akantin: ledoji da ma'aunin gwaji. Gudanarwa: Taylor, 1911, da ƙa'idoji 14 na Henri Fayol, 1916. Ba haddar aku ba, kowace ƙa'ida na samo mata misali a shago. Ta cewa ma'aikaci ya karɓi umarni daga shugaba ɗaya ba zan manta da ita ba: ranar da Alhaji ya ce a loda mota, ƙaninsa ya ce a sauke, yara suka tsaya riƙe da katan suna kallona.

MAKO NA 2 (24 zuwa 30)

Ƙarshen wata, akwai ƙidayar kaya Alhamis da Juma'a, don haka darare biyun na yafe su, lakcar 28 kuma zan ari littafin wani. Asuba dai tana nan. Aikinta shi ne gano inda ciniki ke mayar da kuɗinsa, ba riba ba faɗuwa:

```
BEP = FC / (P - VC)
```

BEP yawan katan da za a sayar kafin a mayar da kuɗi, FC kuɗin da ake kashewa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, P farashin sayarwa, VC abin da katan ɗaya ke tsaya mana. Misalina: haya da albashi ₦300,000 a wata, katan ana sayar da shi ₦12,000, yana tsaya mana ₦9,500. Ratar ₦2,500 ce, ke nan sai katan 120 sun fita kafin a ce an ci kobo. In canja alkaluman sau biyar har hannu ya saba. Gudanarwa: matakan buƙatu biyar na Maslow, da X da Y na McGregor.

MAKO NA 3 (1 zuwa 7 ga Disamba)

Doka ta samu dare biyu, ta karɓe Laraba. Rukunnan kwangila: tayi, amincewa, abin musaya, niyyar ɗaure kai a shari'ance. Sai dokar kamfanoni, CAMA ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, da bambancin rajistar sunan kasuwanci da ta kamfani a hukumar CAC. A tuna: yanzu mutum ɗaya na iya kafa kamfani mai zaman kansa. Tsohon littafin da na ara har yanzu biyu yake cewa. Maketin: haja, farashi, wuri, talla. Wannan kullum shi nake yi a kasuwa, dare ɗaya ya ishe shi.

MAKO NA 4 (8 zuwa 14)

Babu sabon babi. Tambayoyin baya kawai, safe da dare. Ranar Litinin 8 zan tuna wa Alhaji hutun da ya yi mini alkawari, 15 zuwa 20, tun kafin ya shirya tafiya Kano.

In asuba ta kuɓuce, a rama ta Lahadi da yamma, ba a daren ranar ba. Lahadi 14 da dare: katin jarrabawa, rasit ɗin makaranta, biro biyu, kalkuleta da sabon batir, duk a jaka kafin ƙarfe tara.