Takardar Neman Aikin Rubuta Shirin Manoma

Nasiru Garba,
Garin Augie,
Ƙaramar Hukumar Augie,
Jihar Kebbi.
10 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Shugaban Sashen Shirye-shirye,
Gidan Rediyon Jihar Kebbi,
Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe,

NEMAN IZININ RUBUTA WA GIDAN REDIYO SHIRI KAN NOMAN RANI

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne ina neman a ba ni dama in riƙa rubutawa da haɗa wani ɗan shiri na minti 15 a kowane mako, domin manoman shinkafa na fadamun jiharmu, tun daga zuba iri har zuwa girbin noman ranin bana. Ko da na gwaji ne, zan karɓa da hannu biyu.

Ni haifaffen Augie ne, gidanmu kuma noman fadama muka gada. Na yi difloma a Kwalejin Aikin Gona ta Zuru, tun kafin ta koma jami'ar tarayya a 2020. Yanzu ina tsaron shagon iri da taki da maganin feshi a Argungu. A bakin kantar shagon nan ne sha'awar wannan aiki ta shige ni. Manomi zai zo da ganyen shinkafa ya yi ɗorawa, ya naɗe shi a leda, ya ce a ba shi magani, alhali wani lokacin ba cuta ba ce, yuriya ce ba a zuba a kan kari ba. Wani kuma zai sayi Faro 44, ya bar ta a bedi ta tsufa kafin dashe, daga baya ya ce irin ne ba shi da kyau. Mutum ɗaya nake iya yi wa bayani a lokaci guda. Rediyo kuwa tana rataye a wuyan mai ban ruwa a Suru, tana ɗakin mai turara shinkafa a Bunza, tana kan babur ɗin dillali a Kamba.

Na haɗo wannan takarda da abubuwa uku a cikin ambulan, na sa wa kowanne lamba. Su ne shaidata, don haka zan taƙaita a kan nuna inda nake roƙon a fi dubawa.

Na ɗaya rubutaccen shiri ne cikakke, shafi shida, a kan kuɗin ban ruwa. Ranka ya daɗe ya fi ni sanin yadda lissafin noman rani ya sauya tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har wasu suka mayar da injinansu na gas, masu hali kuma suka koma sola. Idan lokaci ya yi ƙaranci, ina roƙon a fara da shafi na huɗu. A nan ne na yi ƙoƙarin faɗin lissafi ta yadda wanda ke saurare da kunne kawai, ba biro ba takarda, zai iya riƙe shi. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni wuya a rubutun rediyo, kuma a kansa nake so a auna ni. Farashin da ke ciki na lokacin da na rubuta ne, an sa kwanan wata a gefen kowanne, za a sabunta su kafin a karanta a iska.

Na biyu yana cikin filas ɗin da na manna a bangon kundin hotuna. Hira ce da wasu mata masu turara shinkafa a garinmu, na ɗauka da waya, a tsakar gida, tukunya na kan wuta. Za a ji kukan awaki da tashin sallamar masu shigowa, ban goge su ba. Ban kuma gyara musu harshe zuwa Hausar Kano ba, Kabancinsu na bari yadda yake, domin masu sauraron da nake nufi da shi suke magana. Ina fatan a saurara daga minti na shida zuwa na tara. Abin da dattijuwar cikinsu ta faɗa a wurin, bakinta ya fi alƙalamina iya faɗinsa, shi ya sa ban kwafo shi nan ba. Abin da nake so a lura da shi a ɓangarena shi ne tambayoyin, da kuma inda na yi shiru na bar ta ta ƙarasa.

Akwai wata amana game da hirar nan da ya wajaba in ambata. Matan sun yarda a kawo muryarsu ofishinku a saurara, amma ba mu yi maganar watsawa ba tukuna. In har an ga ta dace da iska, sai a ba ni lokaci in koma in nemi yardarsu da ta mazajensu.

Na uku kundin hotuna ne na fadamarmu, daga ambaliyar damanar 2020 zuwa noman ranin da ya biyo baya, kowane hoto da bayanin layi biyu a ƙasansa. Na san rediyo ba ta nuna hoto. Na sa shi ne don a ga cewa ƙafata tana shiga gona, kuma mutanen da zan riƙa kawo muryarsu sun san ni.

Dalilin da ya sa na matsu da wannan lokaci shi ne kalandar manomi ba ta jira. Nan da 'yan makonni za a fara gyaran bedi da haƙa rijiyoyin fadama, shawarar da ta zo bayan an yi dashe kuwa ta zama labari. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwambar 2015, sunan jiharmu ya tafi da shinkafa, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT a Argungu. Amma mai rabin kadada, wanda shi ne mafi yawa a cikinmu, har yanzu tambayarsa ita ce yaushe zai zuba taki na biyu, kuma buhu nawa zai rage masa bayan ya biya bashi. Shi nake so shirin ya yi wa magana, mako bayan mako, daidai da aikin da ke gabansa a gona. Jerin batutuwan da nake ba da shawara, bisa tsarin makonni, yana shafin ƙarshe na rubutun farko. Na sa albasar Aliero a ciki, don kada shirin ya zama na 'yan shinkafa kaɗai.

Ban taɓa aiki a gidan rediyo ba, kuma ina buƙatar koyon haɗa sauti a hannun ma'aikatanku. Duk bayanin da ya shafi magani ko adadin taki, zan riƙa kai shi gaban malaman gona su tabbatar kafin ya iso teburinku. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ba nisa, zan iya zuwa duk ranar da aka sa mini, maigidana na shago ma ya san da wannan takarda kuma ya amince.

Duk abin da ke cikin ambulan kwafi ne, ba sai an dawo mini da shi ba. Lambar wayata tana saman shafin farko na kundin. Idan an duba an ga akwai abin gyara, ko da ba a ɗauke ni ba, ina roƙon a faɗa mini shi.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Naka mai biyayya,
Nasiru Garba Augie.

Abubuwan da aka haɗo:
1. Rubutaccen shiri kan kuɗin ban ruwa, shafi 6
2. Filas mai ɗauke da hira, minti 14
3. Kundin hotunan fadamar Augie