Sanarwar Babban Taron Ƙungiya Kan Gyaran Rijiyar Burtsatse

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu, yayye da ƙanne na gida da na ƙetare, shugaban ƙungiya ya umarce ni da in sanar da ku cewa za a yi babban taronmu ranar Lahadi, 12 ga wannan wata na Janairu, a harabar makarantar firamare ta unguwarmu da ke Malumfashi, da ƙarfe 4:30 na yamma bayan sallar La'asar, kuma za a tashi kafin Magariba in Allah ya yarda.

Babban abin da zai tara mu shi ne rijiyar burtsatse ta bakin masallaci, wadda famfonta ya ƙone yau mako shida ke nan. Duk wanda ya bi ta wurin da asuba ya ga yaranmu cikin wannan sanyi na hunturu suna tura baro da jarkoki zuwa tsallaken titi, wasunsu da kayan makaranta a jikinsu, ga rani kuma yana tafe. Kwamitin ayyuka zai gabatar da hanyoyi biyu: ko a sayi sabon famfo a ci gaba da janareta da ɗawainiyar mai, ko a mayar da rijiyar kan hasken rana, wanda ya fi tsada a farko amma ya raba mu da karo-karon kuɗin mai na kowane wata. Kafin a kaɗa ƙuri'a, ma'aji zai karanta abin da ya shiga asusu da abin da ya fita a bara, da rasit a hannu.

'Yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, kaso mafi yawa na kuɗin haƙa rijiyar nan daga gare ku ya fito, don haka ba ma so a yanke komai ba tare da an ji ta bakinku ba. Za a haɗa ku ta Zoom, kuma zan sanya mahaɗin a wannan zaure awa ɗaya kafin a fara. Lokacin zai kama 3:30 na yamma a Kumasi da Landan, 6:30 a Jidda, 10:30 na safe a New York. Saboda 'ya'yanmu da aka haifa a can waɗanda Hausa ba ta zauna a bakinsu ba, mataimakin sakatare zai riƙa fassara muhimman bayanai zuwa Turanci, kuma yanzu zai turo wannan sanarwa da Turanci a ƙasan tawa.

An tanadi wurin zama na iyaye mata, kuma muna roƙon su halarta, domin su suka fi kowa sanin wahalar ruwan nan. Wanda uzuri zai hana shi zuwa ya aiko mini da ra'ayinsa kafin daren Juma'a, za a karanta shi a gaban jama'a.

Allah ya kai mu lafiya.

Sakataren ƙungiya