Jawabin shugabar shiri ga ma'aikata kan rage ma'aikata: ofishinmu na Kafin Hausa, Litinin 6 ga Oktoba, 2025

Assalamu alaikum. Malamai, Hajiyoyi, 'yan'uwana da ƙannena, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Auyo.

Na rubuta abin da zan faɗa ne a takarda, don na san in na bar shi a ka, zuciya za ta sa in tsallake wani wuri. Ba labari mai daɗi na kawo muku ba. Kuɗin da za mu yi aiki da su baɗi sun ragu sosai, kuma daga ƙarshen watan Nuwamba za mu sallami mutum 11 daga cikin mu 34. An riga an yanke wannan shawara, ba zan ce muku ana kan dubawa ba. Mako biyu ke nan maganar tana yawo a gindin darbejiyar ƙofar ofis, wasu ma matansu ne suka jiyo ta a gidan biki. Laifina ne da na bari ta riga ni zuwa kunnenku, ku yafe mini.

Ga yadda lissafin yake. Bana mun yi aiki da naira miliyan 180. Takardar da masu ba mu tallafi suka aiko a watan jiya ta ce miliyan 112 za su iya bayarwa baɗi. Ba su ce aikinmu ya gaza ba, rahoton da suka rubuta a kanmu ma yabo ne. Su ma nasu aljihun ne ya tsuke. Kun dai ji yadda gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun bana, daga nan ƙungiyoyi suka yi cincirindo a ƙofar 'yan tsirarun masu bayarwa da suka rage. Ga kuma tsadar da muke ciki tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Direbobinmu sun fi ni sanin abin da zuwa Guri da dawowa yake ci yanzu.

Giɓin miliyan 68 ne. Kafin mu taɓa albashin kowa, mun zauna da kwamitin amintattu muka yanke duk abin da zai yanku: za mu rufe ƙaramin ofishin Auyo, mu ajiye mota biyu, mu daina bita a otal a Dutse, mu mayar da mazaɓun da muke shiga daga 20 zuwa 12. Ni da sauran shugabanni uku mun haƙura da alawus ɗinmu gaba ɗaya. Duk wannan ya toshe miliyan 39. Saura 29, kuma wallahi na juya takardar nan ta kowace fuska, ban ga inda za su fito ba sai daga albashi. Wani a kwamiti ya kawo shawarar a zabge wa kowa rabin albashi a riƙe kowa. Na yi kwanaki ina tunaninta, na ƙi. Rabin abin da ƙaramin ma'aikacinmu yake ɗauka bai kai naira 70,000 da doka ta sa a matsayin mafi ƙarancin albashi ba, kuma ba ya ciyar da gida. Da mun yi haka, da mun jefa gida 34 cikin yunwa.

Guraben da za a rufe su ne: masu shiga ƙauyuka 6, direba 2, mai gadi 1, mai kula da sito 1, da mutum 1 daga ofishin kuɗi.

Na san tambayar da ke ran kowa yanzu ita ce su waye. Ba zan kira suna a gaban taro ba, domin ba haka ake yi wa mutum mai mutunci ba. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce a sanar da wakilan ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa, a kuma fara da wanda ya zo daga baya a cikin kowane rukuni, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana. Shi za mu bi. Ba ruwanmu da ɗan wane ne, ko daga wane gari ya fito, ko wa ya kawo shi. Ranar Alhamis zan zauna da wakilanku biyu da kuka zaɓa, in shimfiɗa musu kasafin da ranar da kowa ya kama aiki, su duba da idonsu. Litinin 13 ga wata zan kira kowa ofishina ɗaya bayan ɗaya, dukanku 34, mai tafiya da mai zama, don kada shiga ofishin ta zama alama.

Wanda abin ya faɗa wa zai ci gaba da karɓar albashinsa cikakke har ƙarshen Nuwamba, wanda ya zarce wata guda ɗin da doka ta tanada ga wanda ya shekara biyar yana aiki. Za a ƙara masa albashin wata biyu na sallama, da kuɗin hutun da bai ci ba, duka su shiga asusunsa kafin ranar ƙarshe. Kuɗin nan an ware su, suna banki, ba alkawarin jiran tsammani ba ne. Fanshonku an biya shi har watan Satumba, kuma ku sani, a dokar fansho ta 2014 wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba yana da ikon cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Akawunmu zai taimaka da takardun. Takardar shaida kuwa da hannuna zan rubuta wa kowa, in faɗi abin da ya yi, ba irin mai layi biyu ba. Wanda aka kira ganawar neman aiki a cikin makonnin nan ya tafi, ba sai ya nemi izini ba.

Akwai abin da nake so ku tafi da shi gida ku gaya wa iyalanku. Wanda aka sallama ba korarsa aka yi ba, bai yi laifi ba. A cikinku akwai waɗanda suka shiga kwalekwale lokacin ambaliyar 2022 da katan ɗin abincin tamowa a ka. Na taɓa tsayawa kusa da ɗaya daga cikinku a ƙarƙashin tsamiya, ta zagaya ma'aunin tamowa a damtsen wata yarinya, ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani, sai ta rage murya ta yi wa uwar bayani yadda sauran mata ba za su ji ba. Yarinyar nan yanzu tana gudu da ƙafarta. Mazaɓu takwas da za mu bari suna da irinta, kuma wannan yana hana ni barci kamar yadda naku yake hana ni. Ni zan je wurin dagatai da asibitocin wajen in gaya musu, ba zan aiki kowa ba.

Ga waɗanda za su zauna, ba zan yi muku rantsuwa cewa an gama ke nan har abada ba. Abin da ke hannuna shi ne kuɗin shekara guda, zuwa Disambar 2026. In wani abu ya canja, a bakina za ku fara ji. In kuma Allah ya buɗa wata ƙofa muka samu damar ɗauka, waɗanda suka tafi za mu fara kira.

Wanda ya ji haushina yana da hujja, ya faɗa mini a nan ko mu biyu, ba zai shafi sunansa ba ko kaɗan. Yau babu fita ƙauye. Mai son tafiya gida bayan taro ya tafi, ni ina nan har la'asar. Allah ya buɗa wa kowa, ya rufa mana asiri da iyalanmu.

Malam, na ga hannunka tun ɗazu. Bismillah.