Gayyatar sababbin mambobi: ajin Asabar na neman ɗaliban da za su koyar

Assalamu alaikum. Muna yi wa 'yan'uwa ɗalibai barka da dawowa daga hutu, muna kuma yi wa sababbin shiga aji ɗaya maraba da zuwa Jami'ar Jos. Da yake an buɗe sabon zangon karatu, ƙungiyarmu ta ɗalibai masu koyarwa kyauta ta buɗe rajistar sababbin mambobi, kuma muna so duk mai sha'awa ya san aikin da zai shiga kafin ya rubuta sunansa.

Kowace Asabar, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 12 na rana, muna koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare da waɗanda suka gama suke zaune a gida, yawancinsu daga Unguwar Rogo da Unguwar Rimi da Farin Gada, a azuzuwa biyu da wata makarantar unguwa ta ba mu aro. Mun zaɓi Asabar ne domin kada aikin ya shiga lokacin sallar Juma'a ko sujadar Lahadi, tunda mambobinmu da yaran da muke koyarwa Musulmi ne da Kirista. Muna shirya su ne domin jarrabawar WAEC da NECO, inda ake buƙatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da kuma jarrabawar JAMB ta shiga jami'a.

A kan JAMB ɗin ne muka fi buƙatar hannu. Tun daga 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, kuma a yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowanne daga sauran darussa ukun da ɗalibi ya zaɓa. Da yawa daga cikin ƙannenmu sun san karatun, amma ba su taɓa zama a gaban kwamfuta ba sai ranar da aka kai su zauren jarrabawa. A zangon da ya wuce akwai wata yarinya da take warware lissafi a takarda kafin a gama karanta mata tambaya, amma da aka ajiye mata kwamfuta sai ta riƙe linzamin da hannu biyu, yana ta zamewa, har idonta ya ciko da hawaye. Wata mambarmu ta jawo benci ta zauna kusa da ita, ta nuna mata cewa za ta iya danna A, B, C ko D ta zaɓi amsa, ta danna N ta wuce gaba, ko P ta koma baya. Bayan Asabar uku ita ce take nuna wa na kusa da ita yadda ake yi.

Ba sai kana karanta fannin koyarwa ba, ba kuma sai kin kai aji uku ko huɗu ba. Hasali ma 'yan aji ɗaya sun fi kowa tuna yadda jarrabawar take, domin ba su daɗe da fitowa daga cikinta ba. A yanzu mun fi ƙarancin masu Lissafi da Fiziks da Kimistiri, sannan muna matuƙar buƙatar ɗalibai mata, saboda wasu iyayen sun fi sakin jiki su turo 'ya'yansu mata idan sun san mace ce za ta koyar da su. Tambayoyin jarrabawa da Turanci suke zuwa, amma sau da yawa bayani ba ya zama sai an maimaita shi da Hausa, don haka mai jin harsunan biyu zai yi mana amfani ƙwarai. Wanda yake da kwamfutar tafi-da-gidanka da zai iya zuwa da ita, zai rage mana layi, domin guda huɗu kacal muke juyawa.

Babu albashi a aikin nan, kuma ba ma karɓar ko kwabo daga hannun yara. Kowane mamba yana ba da naira 1,000 a zango, da ita ake sayen alli da buga tsofaffin tambayoyi, ma'aji kuma yana karanta lissafin kuɗin a taron ƙarshen zango. Abin da muke roƙo shi ne cika alkawari: Asabar biyu a wata, a kan lokaci, ko da a tsakiyar hunturun Jos ne. Yaron da ya tako da ƙafa cikin sanyin safiya bai kamata ya tarar da aji babu malami ba. Idan jarrabawarmu ta jami'a ta matso, muna dakatar da ajin gaba ɗaya har a kammala.

Za a samu teburin rajistarmu kusa da babbar ƙofar harabar Bauchi Road ranar Litinin da Talata, sai kuma a harabar Naraguta ranar Laraba da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma. A zo da katin shaidar ɗalibi, sababbin shiga kuma su zo da takardar samun gurbi. Waɗanda suka yi rajista za mu haɗu da su a ƙofar Bauchi Road ranar Asabar da ƙarfe 8:30 na safe, mu taka tare zuwa makarantar, su zauna a bayan aji su ga yadda ake yi kafin a raba musu darussa.

Sakatariyar ƙungiya,
a madadin shugabanni