Tsarin Darasin Karatu na Aji Ɗaya: Sautin Harafin M da Haɗa Shi da Wasalin A

Wannan darasi na aji ɗaya ne na firamare, za a gabatar da shi ranar Talata ta mako na huɗu a zangon karatu na farko, kuma zai ɗauki minti 40. Ɗaliban ajin su 52 ne, masu shekara 6 zuwa 7, kuma mafi yawansu ba su taɓa zama a aji ba kafin wannan zango. A makonnin da suka gabata sun koyi wasalin a da baƙaƙen n da k, manya da ƙanana, sun kuma karanta gaɓoɓin na da ka.

Manufar darasi

A ƙarshen darasin ana so kowane ɗalibi ya iya furta sautin m idan aka nuna masa harafin, ya iya gane sautin a farkon kalmar da ya ji, sannan ya haɗa m da a ya karanta gaɓar ma ba tare da an fara karanta masa ba. Ana kuma sa ran mafi yawansu za su karanta kalmomin mama, kama da mana da kansu. Manufa ta uku, wato haɗawar, ita ce ƙashin bayan darasin, domin yaro yana iya haddace sautin kowane harafi amma ya kasa karanta kalma ko ɗaya, matuƙar bai gane yadda ake ɗora sauti a kan sauti ba. Saboda haka idan lokaci ya ƙure, rubutu zan taƙaita, ba zan taɓa lokacin haɗa sauti ba.

Kayan aiki su ne allo da alli, da manyan katuna huɗu na kwali masu ɗauke da a, n, k da m waɗanda na bayan aji zai iya hangowa, da ƙananan katuna irinsu saiti 13 domin a raba wa rukunoni masu ɗalibai huɗu-huɗu, sai littattafan rubutu da fensir.

Bita da sauraro (minti 8)

Zan ɗaga katunan a, n da k ɗaya bayan ɗaya, ina sauya jerinsu kowane zagaye don kada ɗalibai su haddace tsarin zuwansu, su kuwa suna faɗin sautin kowanne. Daga nan zan rubuta na da ka a allo, layi biyu na aji su karanta.

Sai in ajiye katuna, in ce: "Yara, yanzu kunne ne zai yi aiki. Zan faɗi kalma, idan kun ji ta fara da mmm, ku ɗora hannu a kai. Idan ba ku ji ba, ku bar hannu a cinya." Kalmomin su ne mota, kujera, mage, littafi, madubi, nesa, makaranta. Na sa nesa da gangan, domin m da n duka ta hanci iskarsu take fita, kuma a nan ne ƙananan yara suka fi rikicewa. Wanda ya ɗora hannu a kai a kan nesa zan matsa kusa da shi in ce ya dubi bakina: a wajen m leɓɓa a rufe suke, a wajen n kuwa baki a ɗan buɗe yake, harshe yana taɓa bayan haƙoran sama.

Gabatar da sabon harafi (minti 7)

Zan rubuta M da m a allo, in nuna ƙaramin in ce: "Wannan harafi sautinsa mmm." Zan ja sautin kamar daƙiƙa biyu, sau uku, sannan mu faɗa tare, sannan su faɗa su kaɗai. Abu biyu zan kiyaye a bakina. Na farko, ba zan kira harafin da "em" ba, domin yaron da ya riƙe wannan suna idan ya ga ma sai ya karanta "ema". Na biyu, ba zan manna masa wasali in ce "ma" ko "mi" ba, domin wanda aka koya wa cewa m shi ne "ma" ba zai ga amfanin a da ke gabansa ba, kuma ranar da ya haɗu da mu ko mi zai tsaya cak. Wannan kuskure yana saurin shiga bakin malami ba tare da ya sani ba, shi ya sa ya kamata a gwada furucin tun kafin a shiga aji.

Game da siffar harafin, zan rubuta n kusa da m, ɗalibai su ƙirga ƙafafu: n tana da biyu, m tana da uku. Za su zana m a iska da yatsa, sannan a kan tebur, suna furta sautin yayin da suke zanawa. Lokacin zanen iska zan juya musu baya in ɗaga hannu sama, don kada su ga harafin a juye.

Haɗa sauti (minti 15)

Zan kira ɗalibai biyu gaban aji, mai riƙe da katin m ya tsaya a hagun masu kallo, mai katin a ya tsaya a dama, da tazarar kamar taku uku a tsakaninsu. Zan nuna m in fara jan sautin, mai katin yana tafiya a hankali zuwa wajen abokinsa, ban yanke murya ba har katunan su haɗu: mmmaaa. Sai in maimaita da sauri: ma. Abin lura a nan shi ne rashin yanke numfashi tsakanin sautukan biyu. Idan aka ce m, aka yi shiru, sannan aka ce a, yara da yawa kafin su kai ga na biyu sun manta na farko, wasu kuma sai su ji abu biyu daban, su kasa gane cewa gaɓa ɗaya ake nufi. Harafin m ya dace ƙwarai da wannan aiki saboda ana iya jan sautinsa, saɓanin k wadda da an furta ta ta wuce. Ina sa ran waɗanda gaɓar ka ta ba wa wahala a makon jiya za su fahimci dabarar a yau, su koma su yi amfani da ita a kan ka ɗin.

Zan yi sau biyu ni kaɗai, mu yi sau uku tare, sannan in rufe bakina in bar yatsana kawai yana tafiya ƙarƙashin haruffan daga hagu zuwa dama. Yin shirun nan wajibi ne, domin muddin muryar malami tana gaba, ɗalibai bin ta suke yi, ba allo suke karantawa ba.

Da gaɓar ta zauna, sai in rubuta ma, na, ka a allo, mu shiga haɗa gaɓa da gaɓa. Zan fara da ma da ma, in matso da su wuri ɗaya, in tambaya: "Wa zai karanta mana wannan?" Zan ba da daƙiƙa biyar na shiru kafin in zaɓi mai amsawa, kuma ba mai fara ɗaga hannu zan riƙa zaɓa kullum ba. Idan an karanta mama, sai in tambayi ma'anarta, domin yara su gane tun yanzu cewa abin da suke haɗawa magana ce irin wadda suke yi. Bayan mama sai kama, sai mana, idan lokaci ya bari a ƙara naka da maka.

Akwai abin da zai taso a nan. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka wasalin a na farko a kalmar kama dogo ne, na farko a kalmar mana kuwa gajere ne, alhali rubutunsu iri ɗaya ne. Ba zan yi wa 'yan aji ɗaya wannan bayani ba. Idan yaro ya karanta "maa-naa" yana ja, zan ce: "Madalla, ka haɗa daidai. To, yaya muke faɗinta idan muna magana, kamar a ce ba mu littafi, a karanta...?" Shi da kansa zai ƙarasa da mana, da furucin da ya saba. Kalmomi masu rufaffiyar gaɓa irin su nan da kan na bar su sai gaba, domin n ta ƙarshensu furucinta ya ɗan bambanta da wanda suka koya, kuma bai kamata a haɗa musu sabon abu biyu a rana ɗaya ba.

Minti biyar na ƙarshen wannan mataki na rukunoni ne. Kowane rukuni zai karɓi saitin katuna, ɗaya ya haɗa gaɓa, na kusa da shi ya karanta, su riƙa karɓa-karɓa. Ni kuwa zan zagaya, in fara da benci biyu na baya.

Rubutu da auna fahimta (minti 10)

Ɗalibai za su rubuta m layi ɗaya, ma layi ɗaya, sannan in yi musu shifta ta kalma biyu, mama da kama, ina faɗin kowacce a hankali gaɓa-gaɓa. Wanda ya rubuta "mm" ko "km" ya ji baƙaƙen amma wasalin ya ɓace masa, sai in ja masa kalmar in tambaye shi abin da ya ji bayan m.

Yayin da suke rubutu zan kira ɗalibai 10 ɗaya bayan ɗaya zuwa teburina, waɗanda ban saurara ba a makon jiya, kowanne ya faɗi sautin m, ya karanta ma, sannan ya karanta kalmar maka ko naka. Na zaɓi waɗannan biyun ne saboda ba a maimaita su sosai a allo ba, ba kamar mama ba wadda wasu za su gane da ganin siffarta kawai. Amsar taro ba ta isa ma'auni ba a aji mai yara 52, domin muryar goma masu ƙarfi tana iya rufe shirun saura. A gaban sunan kowane yaro zan sa alama ɗaya daga cikin uku: ya karanta da kansa, ya karanta da taimako, ko bai haɗa ba tukuna. Idan fiye da uku daga cikin goman suka kasa haɗa ma, ba zan shiga sabon harafi ranar Laraba ba, zan sake wannan mataki da sababbin masu riƙe katuna. Waɗanda suka gama da wuri za su karanta jumlar da zan rubuta a gefen allo: Kaka na kama Nana.

Aikin gida shi ne kowane ɗalibi ya karanta wa wani babba a gida kalmomin mama, kama da mana daga littafinsa, yana bin haruffan da yatsa, sannan ya zo da kalma ɗaya da ya ji ta fara da sautin m. Da waɗannan kalmomi za a buɗe bitar ranar Laraba, kafin a gabatar da wasalin i a haɗa shi da m, n da k.